Darakta Har Ƙarshen Rayuwarsa

A jikin allon sanarwa na sashenmu na fara ganin takardar. Ɗalibai sun yi cincirindo a gabanta, ni kuma ba ni da tsawo, sai ta tsakanin kafaɗun mutane na hango layi ɗaya daga tsakiya. Da Turanci aka rubuta, amma abin da yake cewa shi ne an naɗa wani mutum darakta har ƙarshen rayuwarsa. Ban san ko wane ne ba, ban san abin da ya same shi ba, amma a take na ji ina bayansa.

Lokacin ina zangon ƙarshe na babbar difloma a fannin akanta, a nan cikin Bauchi. Dokar kamfanoni kwas ne na dole a gare mu, kuma ba ma jituwa da shi. Gwajin da aka yi a farkon zango na sha ƙasa sosai. Abin da ya rage min kafin jarrabawa shi ne wannan aikin da aka manna, kuma makinsa mai tsoka ne. Idan na rasa shi, da wuya jarrabawa kaɗai ta fid da ni. Kwas ɗin kuwa sau ɗaya ake yin sa a shekara, wato idan na faɗi, 'yan ajinmu za su tafi bautar ƙasa, ni in zauna a unguwarmu Gwallaga ina jiran baɗi saboda takarda ɗaya.

Da mutane suka ragu na karanta sauran. Wani mutum ne shi da ƙannensa biyu suka yi rajistar kamfanin gyaran shinkafa. A kundin ƙa'idojin kamfanin an rubuta cewa shi darakta ne muddin yana raye. Yanzu ƙannen sun ce sun cire shi. Aikinmu shi ne mu rubuta masa takardar shawara, kada ta wuce shafi biyu, mu gaya masa matsayinsa a doka da abin da ya kamata ya yi. Iyakar labarin ke nan.

Malaminmu lauya ne, yana da ofishinsa a GRA, yana zuwa koyar da mu da baƙar kwat ko ana tsananin zafi. Da gangan ya bar labarin da giɓi. Ya ce babu wanda yake shiga ofishin lauya da cikakken bayani a bakinsa, sai an tono. Saboda haka kowane ɗalibi zai zauna sau ɗaya da mai neman shawarar, ya yi masa tambayoyi na 'yan mintuna, daga nan babu ƙari. Kuma don kada mu kwafi juna, kafin kowa ya shiga zai raɗa wa mai neman shawarar amsoshi dabam. Abin da aka gaya wa na gabanka ba lallai ne ya zama naka ba.

Wanda aka zaɓa ya zama mutumin a rukuninmu shi ne dattijon ajinmu, wanda duk muke kira Baba. Mutumin kudancin jiha ne, ma'aikacin gwamnati, ya dawo karatu da furfura a kansa don ya samu ƙarin girma kafin ritaya. A aji ba ya yawan magana. Ban san cewa shi ne yake shirya wasan kwaikwayo a cocinsu duk Kirsimeti ba, sai daga baya.

Ni kuwa da littattafan soyayya na tashi. Tun ina firamare nake karɓo wa Yayata haya a wani shago a bakin layinmu, in karanta rabi a hanya kafin in iso gida. Da na girma suka koma cikin waya, ban daina ba. A cikinsu na koyi cewa duk wanda aka yi wa alkawari aka karya, shi ne mai gaskiya, kuma kafin shafin ƙarshe za a dawo masa da haƙƙinsa. Da wannan kan na shiga ɗakin ganawar.

Malam yana zaune a kusurwa, ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur. Baba yana kujerar tsakiya, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, kafaɗunsa sun sauka. Wallahi ba mutumin da nake gani a aji ba ne. Na shirya tambayoyi a takarda, amma da na ga yadda yake murza bakin hular nan da yatsu, sai na ji bakina ya ce:

"Baba, sannu. Yaya ka ji da abin ya faru?"

Ya ɗago ya dube ni, ya saki numfashi.

"'Yata, tun da na fara yawon nan ba wanda ya tambaye ni haka."

Shi ke nan. Ya ce ƙaramin cikin ƙannen nan a bayansa ya goya shi zuwa asibiti lokacin da ƙyanda ta kama shi. Ya ce injin farko da suka saya, shi ya kwana a kansa a bayan mota daga Kano saboda kada a sace wani ƙarfe. Na tambaye shi ko matan ƙannen ne suka shiga tsakani, ya ce shi dai ba zai kama sunan kowa ba, amma akwai wadda ta daina gaishe shi tun kafin damina. Na tambaye shi ko mahaifiyarsu tana raye. Ya ce tana nan, ba ta gani sosai, kuma har yau ba a gaya mata ba. Ina ta rubutawa. Ina shirin tambayarsa ko yana iya barci, Malam ya ɗauki agogonsa ya mayar a hannu.

"Lokaci ya cika. Na gaba."

Na fito idona da ƙwalla. Ƙawata, wadda ta riga ni shiga, tana zaune a kan dakalin baranda tana shan ruwan leda.

"Ke, lafiya? Dukan ki ya yi?"

"Mutumin nan an zalunce shi," na ce.

"To, Allah ya bi masa. Hannun jari nawa ya ce yana da shi a naki?"

Na fara laluben takardata.

"An ba shi sanarwa kafin taron?"

Na duba takardata. Akwai ƙyanda, akwai inji, akwai tsohuwa mai ciwon ido.

"Taron masu hannun jari ne ma ko na daraktoci?"

"Ban tambaya ba."

Ta sauke ledar daga bakinta ta dube ni da kyau. "To me kuka yi ta yi a ciki? Zance ya zo?"

Ban yi dariya ba. A nan na gane abin da na yi.

Kwanakin da suka biyo baya na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗakin karatu, in buɗe littafin dokar, in karanta layi biyu, in tashi. In je bakin famfo in wanke fuska. In dawo in tarar wani ya zauna a kujerata, sai in ji daɗi don na samu dalilin fita. A gida na ƙona miya, na zuba wa Umma sukari a kunun da ta ce kada a sa. Ta ce, "Wai ke wa ya yi miki alkawari ya fasa?" Na ce aikin makaranta ne. Ta ce ita ba ta taɓa ganin aikin makaranta mai hana mutum gishiri a miya ba.

Duk da haka na zauna na rubuta. Rubutun farko ya cika shafi biyar. Na ce alkawari ne a rubuce, 'yan'uwa suka sa hannu, babu wanda ya isa ya warware shi. Na kawo zancen injin, na kawo na asibiti. Na ji daɗinsa ƙwarai da na karanta. Sai da na zo neman sashen dokar da zan jingina maganata da shi, na same shi, kuma ba abin da nake so ya faɗa ba. Gajere ne. Ya ce ana iya naɗa mutum darakta har ƙarshen rayuwarsa, amma duk da haka ana iya cire shi ta hanyar da ake cire kowane darakta. Na bi zuwa sashen cirewar. Ya ce masu hannun jari suna iya cire darakta a babban taronsu da rinjayen ƙuri'a kawai, ko da kundin kamfanin ko wata yarjejeniya da shi ta faɗi wani abu dabam.

Na maimaita karantawa ko zan ga wata ƙofa. Abin da na gani sharuɗɗa ne. Sai wanda yake son a cire shi ya ba kamfanin sanarwa ta musamman, aƙalla kwana ashirin da takwas kafin taron. Sai kamfanin ya aika wa daraktan kwafinta ba tare da ɓata lokaci ba. Yana da damar ya rubuta martaninsa a raba wa masu hannun jari, kuma a saurare shi a wurin taron. Wato duk rayuwar mutumina ta rataya a kan tambayoyin da ƙawata ta jero min a baranda, waɗanda ban yi ko ɗaya ba.

Ranar Asabar na hau keke zuwa gidan Baba a unguwar Ɗan Iya. Na san layinsu saboda mun taɓa zuwa gaisuwa da 'yan aji lokacin da aka yi masa rasuwa. Na tarar da shi a tsakar gida da singileti, yana gyara ƙafar wata kujera, matarsa tana tsince shinkafa a tire.

"A'a, 'yata ce. Mama, ga wadda na ba ki labari, wadda ta sa ni kuka a gaban Barista."

Matar ta yi dariya ta turo min kujera 'yar tsuguno. "Ai ya dawo yana ta yabon ki. Wai ke kaɗai kika bar shi ya yi wasansa."

Bayan gaisuwa na ce, "Baba, tambaya uku kawai. Ba wanda zai sani."

Ya ajiye gudumar. "Ni zan sani."

"Idan na faɗi kwas ɗin nan shekara guda zan ƙara."

"Na sani, kuma ba na so. Amma na ba mutumin nan kalmata cewa daga ɗakin nan bakina ya rufe. Mutum goma sha wani abu suka shiga wurina. In na buɗe miki, me zan ce wa sauran?"

"To ai kai ka ja ni da labari."

"Ke kika tambaya, 'yata. Da kin ce hannun jari nawa, da na ce kaza. Kika ce yaya na ji. To ni ma sai na tsaya na ji."

Matar ta ce, "Kai ma dai, ka ga yarinya, ka yi ta zuba kamar rediyo."

"Barista ya ce duk abin da aka tambaye ni in amsa. Bai ce in ja mutum zuwa hanya ba."

Suka matsa min in ci abinci, na ce na ƙoshi. Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar min da keke, ya ce in gaida gida. Ina cikin keken haushinsa yana cin raina, kuma na san ba shi da laifi, wannan ya ƙara min haushin.

Ranar Litinin na tafi GRA. Unguwar shiru, manyan bishiyoyi, ga gidaje can nesa da titi, sai da na yi tafiya mai tsawo a ƙasa bayan mai keke ya sauke ni a inda ba nan ba. Na jira a ɗakin baƙi har Malam ya fito zai tafi kotu, da jakarsa a hannu. Na bi shi zuwa mota ina bayani.

"Yallaɓai, a taimaka a ba ni dama ta biyu. Ko minti ɗaya."

"Ina wurin ai. Na ji duk abin da kika tambaya."

"Kuskure ne, Yallaɓai."

"Kuskure ne. Mai neman shawararki ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga, kuma ranar Juma'a yake son amsa. Yana faruwa da ni ma." Ya buɗe ƙofar motar. "Abu ɗaya zan gaya miki. Kada ki ƙirƙiro masa abin da bai faɗa ba. In na ga haka, sifili ne."

Ya tafi ya bar ni a ƙarƙashin bishiya. Da ma abin da nake saƙawa ke nan a hanya, in rubuta kawai cewa ba a ba shi sanarwa ba, tun da haka aka gaya wa ƙawata, in yi addu'a ya zo daidai. Yanzu wannan ma ya rufe.

Da la'asar ina kwance a ɗaki, babu wuta, ina fifita da murfin littafi, Yayata ta zo gida da yaranta. Ta leƙo ta gan ni.

"Har yanzu mutumin shinkafar ne?"

Na ba ta labari duka. Ta zauna a bakin gado tana warware ɗankwali.

"Wato an ba ki littafi na ɗaya, na biyu yana hannun wani."

Da muna yara haka yake faruwa. Labari ɗaya a raba shi littafi uku, mu gama na ɗaya, mu je shago a ce wata ta karɓi na biyu ba ta dawo da shi ba. Sai mu zauna a kan tabarma mu yi ta lissafi. Idan ya gane ita ce ta taimake shi, to zai dawo, kuma ga yadda za a yi. Idan bai gane ba, zai auri waccan, kuma ga abin da zai biyo baya. Mukan bi kowace hanya har ƙarshenta, har mu yi faɗa a kan wadda ta fi. Yaya ta faɗi maganarta ne don tsokana, ta tashi ta tafi wurin Umma. Ni kuwa na tashi zaune.

Malam ya hana ni ƙirƙira. Bai hana ni in ce ban sani ba, in kuma bi kowace hanya in nuna inda take kaiwa.

Na ɗauko sabuwar takarda. Jimlar farko ita ta fi ba ni wahala, na rubuta na soke ya fi a ƙirga. Ina ta neman yadda zan lulluɓe ta. A ƙarshe na rubuta ta tsirara: naɗin da aka yi maka na har ƙarshen rayuwa ba zai hana a cire ka ba, abin da za a duba shi ne ko an bi hanyar da doka ta shimfiɗa. Da na ga jimlar a rubuce sai na ji kamar ni ce ƙanin da aka goya zuwa asibiti.

Daga nan na faɗi gaskiya, cewa akwai abubuwa uku da ban samu daga gare shi ba a ganawarmu, kuma shawarata ta dogara da su. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Idan ƙannenka a matsayinsu na daraktoci suka zauna suka cire ka, wannan ba ita ce hanyar da sashen ya tanada ba, sai dai idan kundin kamfaninku ya ba daraktoci wannan ikon, don haka ina buƙatar ganin kundin gaba ɗaya. Idan taron masu hannun jari ne amma ba a ba da sanarwar ba, ko ba a aiko maka da ita ba, ko an hana ka magana, kana da hujjar ƙalubalantar cirewar a babbar kotun tarayya. Na so in tsaya a nan, don nan ne wuri mai daɗi. Amma na ƙara abin da yake gaskiya: ko ka yi nasara, suna iya sake kiran taro su bi ƙa'ida, kuma idan hannun jarinsu ya fi naka za su sake cire ka, saboda haka nasarar lokaci kawai za ta saya maka. Idan kuwa naka ya haura rabi, ka nemi a ƙirga ƙuri'a bisa yawan hannun jari maimakon ɗaga hannu, ba za su iya ba. Idan an bi komai daidai kuma su ne masu rinjaye, kujerar ta tafi.

Sai na jera abin da ya rage masa ko a mafi munin hali. Cire shi daga darakta bai taɓa hannun jarinsa ba, yana nan a matsayin mai kamfani tare da su. Idan yana da yarjejeniyar aiki da kamfanin, yana iya neman diyyar karya ta. Idan kuma suka ci gaba da tafiyar da kamfanin ta hanyar danne shi, doka ta ba shi damar kai koke kotu a kan haka. Na ba shi shawarar ya fara neman sulhu kafin shari'a. Na rufe da takardun da zai kawo min: kundin kamfanin, duk wata sanarwa da ta zo masa, bayanin taron, da shaidar hannun jarinsa.

Ya zama shafi uku. Na kai shagon buga takardu na bakin makaranta, mai bugawar ta ce za ta iya ƙanƙanta rubutun ya shiga biyu. Na san Malam ya hana wannan dabarar. Na tsaya a kanta ina yankewa, janareto yana ƙara, na baya suna tsaki. Injin Kano ya fita. Ƙyanda ta fita. Layi ɗaya na kasa cirewa, a wurin sulhu, inda na ce tun da mahaifiyarsu tana raye, wataƙila zama a gabanta ya yi abin da kotu ba za ta yi ba. Shi ya faɗa min da bakinsa, ba ƙirƙira ba ce. Na bar shi. Na miƙa ranar Juma'a kafin a tafi masallaci, na fito ban ji sauƙin komai ba.

Sati biyu muna jira. Kullum sai na bi ta gaban allon sanarwa ko ba ni da abin yi a wurin.

Ranar da ya dawo da takardun, Malam ya sa Baba ya zauna a gaban aji. Ya ce takardar shawara ba don malami ake rubuta ta ba, don haka zai ba mai ita ya karanta wasu, ya faɗi abin da ya fahimta. Ya miƙa masa ta farko. Baba ya karanta, ya juya ta, ya ce, "Yallaɓai, wannan ya san shari'o'in Ingila da yawa, Allah ya ƙara sani. Amma ban gane ba, in je kotu ne ko in je gida?" Aji ya fashe da dariya. Ta biyu ta ce masa lallai zai ci nasara. Ya ce, "Wannan lauyan nake so," Malam ya ce, "Shi ne zai sa ka sayar da gidanka."

Ta uku na gane ta tun daga nesa, saboda tabon tawada a kusurwa. Baba ya sa tabarau, ya karanta a hankali har ƙarshe. Ya cire tabarau ɗin.

"To, gobe me za ka yi?" in ji Malam.

"Zan buɗe akwati in nemo takardu huɗu in kai mata. Kuma na san ko na kai, kada in sa rai da yawa."

"Gaya mata abin da ba ta tambaya ba," in ji Malam.

Baba ya juyo ya nemo ni da ido a layi na uku. "Taron masu hannun jari ne. An aiko min da sanarwa a kan lokaci, na je na yi magana, suka saurara, suka kaɗa ƙuri'a. Kashi ɗaya cikin uku nake da shi."

Wato a nawa labarin an bi komai daidai. Mutumin da na kwashe kwanaki ina ɗauke da shi a ƙirji ba zai koma kujerarsa ba, kuma ƙannen ba su karya dokar komai ba. Na sunkuyar da kai. Na san babu shi, babu kamfanin, babu shinkafar, amma na kasa ɗagowa.

Malam ya ce a makin ganawa bai ba ni komai ba, don ban yi ganawa ba, ta'aziyya na je. Aka yi dariya, har da ni. Ya ce takardar kuwa ta faɗi abin da ba ta sani ba, ba ta yi wa mutum alkawarin ƙarya ba, kuma amsarta tana cikin layukan farko inda mai damuwa zai gan ta. Da ta dawo hannuna na ga ya ja jan layi a ƙarƙashin zancen mahaifiyar, ya sa alamar tambaya a gefe, bai rubuta komai ba. Har yau ban san ko ya rage maki a wurin ko bai rage ba. Abin da na samu ya ɗan haura rabi. Da na haɗa da jarrabawa na tsallake da ƙyar, sunana ya fito cikin masu tafiya bautar ƙasa tare da ƙawata.

Bayan an tashi ranar na tsaya a baranda har Baba ya fito.

"Baba, yaron da ka goya zuwa asibiti, akwai shi?"

Ya yi murmushi yana gyara hula. "Akwai wanda na goya. Amma bai taɓa cire ni daga komai ba, malamin firamare ne, ko keke ba shi da shi. Injin ne dai na ƙara."

"Tsohuwar fa?"

"Tana nan. Ki zo ki gaishe ta wata rana."

Ban je ba. Aka tura ni wata jiha mai nisa, na dawo na samu aiki a ofishin kuɗi na wata makaranta mai zaman kanta, na yi aure, rayuwa ta ja ni. Shi Baba ya samu ƙarin girman da ya dawo karatu dominsa, ya yi 'yan shekaru a kai ya yi ritaya. Labarinsa na ƙarshe a bakin matarsa na ji, da muka haɗu a layin karɓar magani a asibiti. Ta ce hawan jini ya buge shi, ya taɓa masa gefe ɗaya da harshe, maganarsa sai wanda ya saba da shi yake ganewa. Sun bar gidan Ɗan Iya sun koma garinsu, ita takan shigo Bauchi karɓar masa magani. Ta ce da safe ana fito masa da kujera ƙofar gida, yaran coci suna zuwa su yi gwajin wasansu a gabansa. Idan wani bai yi daidai ba sai ya buga sandarsa a ƙasa, a sake daga farko.